Gajeren labarina kan mutumin da jirgi ya tafi ya bari: ku duba min shi kafin in aika

Alƙalamin_Dare: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani gajeren labari da na kwana biyu ina fama da shi, takensa shi ne mutumin da jirgi ya bari saboda lokacin da aka buga masa da agogon wani wuri. Ga tsakiyarsa nan, wato inda abin ya faru. Don Allah kada a ji kunyata, duk inda ya karkace a faɗa min.

"Takardar tana aljihun gaban rigarsa, a ninke huɗu. Sakataren ofishinsu ne ya buga masa ita a Landan ranar da zai taho, kuma tun saukarsa Dubai ya buɗe ta ya fi sau goma, har layin ninkin ya fara cin rubutun. Tashi, 14:20. Shi ba mutum ne mai makara ba. Shekara ashirin yana aiki, ba a taɓa fara taro ana jiransa ba, kuma ya san da haka, yana ma ɗan ji da shi. Saboda haka ƙarfe goma sha ɗaya da rabi ta yi masa a gaban kanta, akwati a gefe, fasfo a hannu.

Yarinyar da ke kantar ta danna, ta dubi allo, ta sake dannawa. Sai ta ɗago ta dube shi irin kallon da ake yi wa wanda za a gaya wa rasuwa.

'Yallaɓai, wannan jirgin ya tashi tun goma da minti ashirin.'

Ya yi murmushi. Ya zaro takardar, ya ware ta a kan kantar, ya danna ɗan yatsa a kan lambar. 'Biyu da minti ashirin, 'yata. Duba da kyau.'

Ta duba da kyau. 'Wannan agogon Landan ne, yallaɓai. Nan Dubai ne.'

Bayansa wani yaro ya ja akwati mai taya ya wuce, ƙarar tayar kaɗai yake ji. Ya dubi agogon hannunsa, ya dubi na bango. Duka biyun sun yarda da juna. Takardar ce kawai ta fita daban, kuma ita ya fi yarda da ita."

Abin da nake son ji: ya kama hankali? Haka na iya faruwa da mutum?

UmmuHanan: Wa alaikumus salam. Ni dai ya shige ni, musamman wurin da agogo biyu suka yarda da juna. Har na ji tausayin dattijon. Allah ya ƙara basira.

Mai_Lissafi: Rubutu ya yi daɗi, amma Malam Alƙalami lissafin ya kife. Dubai tana gaban Landan ne, rana tana riga fito musu. Idan agogon Landan ya ce 14:20, a Dubai 18:20 ce a lokacin sanyi. Ashe mutuminka da ya zo goma sha ɗaya da rabi bai makara ba, sammako ya yi na kusan awa bakwai. Yarinyar kanta cewa za ta yi masa ya je ya nemi wurin zama, ba a ma buɗe awon kayan jirginsa ba tukuna. Ka ɗebe awa huɗu a inda ya kamata ka ƙara.

Alƙalamin_Dare: Innalillahi. Tsaya in ƙirga da yatsu. Wallahi haka ne. Sau nawa na karanta wurin nan ban gani ba.

Ɗan_Hanya77: Ni matsalata ta wuce ta lissafi. Labarin ma gaba ɗaya ba ya yiwuwa, domin duk jiragen duniya da agogon GMT suke aiki. Ba a rubuta agogon wani gari a tikiti.

Tsohuwar_Kanta: Ɗan Hanya, ka faɗi rabi ka bar rabi. Na yi shekaru a kantar karɓar fasinja kafin in ajiye aiki, bari in raba maka abin biyu. Matuƙa jirgi da masu hasumiyar kula da zirga-zirga, su kam da UTC suke aiki, wanda a aikace shi ne GMT ɗin da kake nufi. Takardar shirin tafiyarsu da rahoton yanayi duk da shi ake rubutawa, za ka ga harafin Z a ƙarshen lambar. Amma wannan ba ya zuwa hannun fasinja. Abin da ke tikitinka da katin shiga jirgi da allon filin jirgi, kowane lokaci da agogon garin da abin zai faru ake rubuta shi. Lokacin tashi da agogon garin tashi, lokacin sauka da agogon garin sauka. Haka ƙa'idar take a kowane kamfani da na sani.

Saboda haka in dai takardar daga kamfanin jirgi ta fito, yarinyar ba za ta taɓa ce masa "wannan agogon Landan ne" alhali yana tsaye a Dubai ba. Amma ka lura da abin da Malam Alƙalami ya rubuta: sakatare ne ya buga masa. Nan ne ƙofar labarin take. Me sakataren ya buga? In tikitin ne kansa, labari ya mutu. In shafin kalandar kwamfutar ofis ne, labari yana da rai, kuma na ga irinsa da idona ba sau ɗaya ba.

Alƙalamin_Dare: Hajiya, don Allah ki buɗe min wannan. Gaskiya ni "takarda" kawai na rubuta, ban tsaya na tambayi kaina wace iri ce ba.

Tsohuwar_Kanta: To ka ga idan an sayi tikiti, sau da yawa imel ɗin yana zuwa da wani ɗan maƙale da ake dannawa tafiyar ta shiga kalanda. Kalandar ba ruwanta da inda filin jirgin yake. Ita tana nuna komai da agogon na'urar da aka buɗe ta a kai. Sakatare ya buɗe a kwamfutar ofis, ya ga jerin kwanakin oga tsaf, taro a nan, otal a can, jirgin dawowa a ƙasa, ya danna bugawa. Takardar da ta fito kyakkyawa ce, ta fi tikitin sauƙin karantawa, shi ya sa ma manya suka fi son ta. Amma duk lambar da ke jikinta agogon ofis ce. Yadda abin yake ta ciki sai dai masu kwamfuta su yi bayani.

Baƙin_Allo: Ga yadda yake ta ciki, Hajiya. A cikin ɗan fayil ɗin akwai layi irin wannan:

```
DTSTART:20250117T142000Z
```

Wato 17 ga Janairu 2025, ƙarfe 14:20, kuma Z ɗin nan ta ƙarshe tana cewa da UTC aka ajiye shi. A watan Janairu agogon Landan daidai yake da UTC, don haka wanda ya buɗe a Landan 14:20 zai gani. Wanda ya buɗe a Dubai 18:20 zai gani. Duka biyun gaskiya ne, daƙiƙa ɗaya ce ake kira da suna biyu.

Inda takarda ta bambanta da waya shi ne, waya tana sauya ra'ayi. Ka sauka a wani gari, ta kama layin garin, ta juya agogonta, kalandar ma ta juya lambobin ta bi. Takarda kuwa yadda aka buga ta haka za ta mutu. Wasu manhajojin suna sa ɗan rubutu kamar GMT+4 a saman shafin ko a gefe, ƙanƙani, ba wanda ke karantawa.

Mai_Lissafi: Ke nan gyaran mai sauƙi ne, a juya garuruwan. Ofishinsa ya koma Dubai, tafiyar ta zama zuwa Landan. Jirgin dawowa zai bar Landan 14:20, kalandar ofis ta buga 18:20. Shi kuma mutum mai sammako, ya iso 15:30 yana jin ya zo da kusan awa uku a hannu. Jirgi ya yi awa ɗaya da minti goma a sama. Ba sai ka taɓa halin mutumin ba, ba sai ka taɓa yarinyar ba.

Abin da za ka riƙe shi ne, takardar da aka rubuta da agogon gabas ita ce mai sa mutum makara, domin lambarta ta fi ta gaskiya girma. Wadda aka rubuta da agogon yamma sai dai ta sa ka zaman jira.

Gimbiyar_Zango: Mai Lissafi, ban yarda da wannan dokar taka ba, domin ni agogon yamma ne ya cuce ni. Daga Faris na taso a watan Disamba, na yada zango a Istanbul, zan canza jirgi. Katina ya ce tashi 19:10. Na dubi agogon hannuna, na ga da saura sosai, na samu kujera a wani lungu na miƙe ƙafa, wayata kuma tun a cikin jirgi na kashe mata layi ban kunna ba. Sai da agogona ya nuna 16:50 na ce bari in tashi in leƙa inda ƙofar take tun da wuri. Ina ɗaga kai na ga agogon bango ya ce 18:50. Na ɗauka nasu ne ya lalace, wallahi har na ɗan yi tsaki. Filin jirgin nan kuwa wanda ya san shi ya san girmansa. Na yi gudu da takalmi a hannu, na isa na tarar an rufe ƙofa, jirgin yana nan a tsaye ina kallonsa ta gilashi. Faris tana yamma da Istanbul, to ina dokar?

Mai_Lissafi: Anti, dokar tana nan, naki ciwon daban ne. Ke takardarki daidai take, agogonki ne ya tsaya a baya. Shi mutumin labari agogonsa daidai yake, takardarsa ce ta yi gaba. Ta kowace hanya sakamakon ɗaya ne, mutum yana ganin yana da lokacin da ba shi da shi. Takardar gabas ko agogon yamma, kowanne ka riƙe jirgi ya tafi.

Gimbiyar_Zango: To na ji. Amma abin da ya ƙara ruɗa ni, na taɓa bin hanyar a watan Yuli, kuma a lokacin bambancin awa ɗaya ne. Ko da na tuna da gyara agogon, da awa ɗaya zan ƙara.

Tsohuwar_Kanta: Haka ne, Turkiyya ta daina juya agogo tun 2016, ta zauna a kan awa uku gaban UTC duk shekara. Faransa kuwa tana juyawa, don haka tazararsu awa ɗaya ce da bazara, awa biyu da hunturu. Wannan ma ya shafe ka, Malam Alƙalami. Dubai ba ta juya agogo, Birtaniya tana ƙara awa ɗaya daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba. In kana son awa huɗu, dole labarinka ya faru da sanyi, ka sa masa kwat da hazo. In ka sa shi a Yuli, awa uku ce, takardar 17:20 za ta nuna. Kuma mutumin da ke zuwa awa uku kafin tashi zai iso ne daidai lokacin da jirgin ke ja da baya daga ƙofa.

Alƙalamin_Dare: Kai, wannan na Yulin ya ma fi zafi. Ya iso daidai minti ɗin. Sai dai ina ganin zai yi kama da abin da marubuci ya shirya da gangan.

Sarkin_Barci: Ni ma irin wannan ta taɓa samuna. Tikitina ya ce Asabar 00:35. Na yi zamana ranar Juma'a, na yi barcina, Asabar da dare wajen ƙarfe tara na tafi filin jirgi da kayana. Aka ce min jirgin ya tashi jiya. Na ce yaya jiya, yau ce Asabar. Ashe Asabar ɗin ta fara ne tun goma sha biyun daren Juma'a, minti talatin da biyar da shigarta jirgin ya tashi. Awa ashirin da wani abu na makara.

Ɗan_Hanya77: Sarkin Barci, sunanka ya bi ka.

UmmuHanan: Amma wannan ai ba bambancin agogon ƙasashe ba ne, ko?

Tsohuwar_Kanta: Ba shi ba ne, amma a gaskiya irin nasa ya fi yawa a gaban kanta nesa ba kusa ba. Duk jirgin da ke tashi tsakanin goma sha biyun dare da ƙarfe biyu, kusan kullum sai an samu wanda ya zo washegari. Na biyu a yawa su ne masu ɗaukar lokacin tashi a matsayin lokacin zuwa ƙofa. A tafiyar ƙasa da ƙasa yawanci ana rufe awon kaya awa guda kafin tashi, ƙofa kuma minti goma sha biyar zuwa ashirin kafin tashi, ya danganta da kamfani. Anti Gimbiya da ta ga jirginta ta gilashi, wannan ne ya same ta a ƙarshe. Masu takardar wani agogo su ne mafi ƙaranci, amma su suka fi kowa gardama, domin suna da shaida a hannu.

Alƙalamin_Dare: "Suna da shaida a hannu." Hajiya, wannan zan sata.

Malam_Nazari: Ku bar ni in dawo da mu kan rubutun, don na ga an koma ba da labarin wahala. Ko an gyara lissafi akwai ramin da ya rage. Mai karatu na yau zai tambaya: ina wayarsa? Kamfanonin jirgi suna turo saƙo kwana guda kafin tafiya cewa a yi rajistar shiga, kuma saƙon yana ɗauke da lokacin gaskiya. Da ya yi rajistar a waya, da katin ya nuna masa 14:20 ɓaro-ɓaro. Dole ka toshe wannan, kuma kada ka toshe da "caji ya ƙare", kowa ya gaji da wannan dabarar. Ka toshe da halinsa. Ka riga ka ce mutum ne mai ji da kansa a kan lokaci. To ka sa imel ɗin kamfanin yana zuwa akwatin sakatare ne, tunda shi ya sayi tikitin, ranar kuma Juma'a ce da yamma a Dubai, ya tashi daga aiki. Ko ka sa wayar ta yi masa ƙara da rana tana tuna masa jirgi, ya duba ya ga 14:20, ya ce wayar nan ta rikice tun da na sauka ƙasar nan, ya zaro takarda ya tabbatar, ya mayar da wayar aljihu. Na biyun ya fi min, domin gaskiya ta zo har hannunsa ya kore ta da kansa.

Baƙin_Allo: Na biyun kuma daidai yake ta fuskar na'ura. In kalandar ofis tana haɗe da wayarsa, wayar za ta nuna 14:20 da zarar ta koma agogon Landan. Sai dai a kula, in da hannu sakataren ya rubuta "14:20" a kalanda yana zaune a Dubai bai zaɓi agogon Landan ba, abin juyewa zai yi. Takarda ta fito daidai, waya kuma ta nuna 10:20 a Landan. Wanda ya taɓa cin karo da wannan yana da hujjar ƙin yarda da waya.

Malam_Nazari: Ka ga dalili ya samu ke nan. A wata tafiya ta baya waya ta taɓa tashinsa da asuba ya je ya yi zaman awa huɗu a banza. Tun ranar ya ce shi da takarda. Jimla biyu sun isa a dasa wannan a farkon labarin.

Alƙalamin_Dare: Allah ya saka. Wata tambaya: akwai wani abu a jikin takardar da zai iya tona asirin tun kafin ya je? Ina son mai karatu mai lura ya gane kafin shi.

Tsohuwar_Kanta: Akwai, kuma shi nake fara dubawa idan aka miƙo min irin wannan takarda. Ka dubi tashi da sauka tare. Landan zuwa Dubai tafiyar kamar awa bakwai ce. A tikiti na gaskiya za ka ga tashi 14:20, sauka 01:20 da ɗan +1 a gefe, alamar washegari. In ka ƙirga daga wannan lamba zuwa waccan za ka samu awa goma sha ɗaya, bakwai na tafiya, huɗu na bambancin agogo. A takardar kalanda kuwa za ka ga 18:20 zuwa 01:20, awa bakwai cif. Ga ido wannan ne ya fi kama da daidai, amma shi ne alamar matsala. Garuruwa biyu masu agogo daban, in lissafin ya fito daidai da tsawon tafiya, to lambobin duka da agogo ɗaya aka rubuta su.

Kuma ka lura lokacin saukar bai canza ba a takardun biyu. Shi ya sa ba wanda zai farga a can. Direban da zai ɗauko shi an gaya masa 01:20, matarsa ta san 01:20, kowa yana kan daidai sai shi.

Alƙalamin_Dare: Ashe direban zai je ya tsaya da allon sunansa ƙarfe ɗaya na dare, jirgi ya sauka a kan lokaci, mutane su fito su ƙare. Ina ganin a nan zan rufe labarin, ba a kanta ba.

UmmuHanan: Ai da ya kira gida tun da rana ya faɗa musu, ba za a tura direba ba.

Malam_Nazari: Irin wannan mutumin kuwa? Zai yi awa biyu yana juya wayar a hannu kafin ya iya cewa "na makara". Amma ban ce ka rufe da direba ba, Malam Alƙalami. Da zarar ka bar dattijon ka koma wani gari, ka saki zaren da ka riƙe tun farko. Ni a wurin agogo biyu da takarda ɗaya zan tsaya.

Ɗan_Hanya77: Na karɓi gyaran Hajiya a kan GMT. Amma har yanzu ina ganin an yi wa taken labarin kwana. An ce lokacin da aka buga da agogon wani wuri, ku kuma kun ɗora wa sakatare. Babu inda kamfani da kansa yake buga agogon da ba na garin ba?

Matafiyin_Gabas: Akwai inda ya kusa zama haka. Ƙasar Sin duk faɗinta agogo ɗaya take bi a hukumance, na Beijin, awa takwas gaban UTC. Amma a Urumqi da sauran yankin Xinjiang, can yamma, mutane da yawa suna rayuwa da agogon gida wanda yake awa biyu a baya. Jirgin sama da na ƙasa duk da na Beijin suke tashi. Lokacin da na je, duk wanda muka yi alƙawari da shi sai na tambaya wane agogon yake nufi. Wanda ya saita na hannunsa da na mutanen gari, ya ga 10:00 a tikiti, ya iso takwas a nasa lissafin, to goma ta riga ta yi a na filin jirgi. Ka ga dokar Mai Lissafi ta sake fitowa, takardar gabas ce.

Mai_Lissafi: Jiragen ƙasa na Rasha ma sun daɗe a haka, har zuwa Agustan 2018 da agogon Mosko ake rubuta tikiti ko'ina tashar take. Mutumin Vladivostok da ke gaban Mosko da awa bakwai, in ya ruɗe sai dai ya yi sammako. Na Kaliningrad da ke bayanta da awa ɗaya, shi ne zai tarar da dandali babu kowa.

Gimbiyar_Zango: Tunda ana lissafo su, a Habasha kuma wani salon ne. Agogonsu na gargajiya daga safiya yake fara ƙirga, bakwai na safe ita ce ƙarfe ɗaya a wurinsu. Tikiti ba ya bin wannan, amma direban da ka ce wa ya zo ƙarfe huɗu yana iya fahimtar goma.

Alƙalamin_Dare: Na Urumqi ya burge ni, amma ban san wurin ba, zan yi ta ƙarya ne a kwatance. Zan zauna a Landan da sanyinta. Hajiya, saura abu ɗaya: bayan ta gaya masa, me zai biyo baya a zahiri? Ba na son in sa ta ce "kada ka damu, ga wani jirgin" in ba haka ake yi ba.

Tsohuwar_Kanta: Ba haka ake yi ba. Da farko ma, wataƙila ba zai samu kantar jirginsa a buɗe ba. Zai tsaya gaban babban allo yana neman lambar jirgin bai gani ba, domin jirgin da ya tashi da awa guda an riga an share shi. A nan ciki yake fara ɗurar ruwa, kafin ya yi magana da kowa. In kamfanin yana da wani jirgin da dare, zai ga kanta a buɗe ya shiga layi, sai an zo kansa a ce sunansa ba ya ciki.

A kwamfuta an riga an yi masa alamar wanda bai zo ba. Mai kanta ba ta da ikon gyara wannan, teburin sayar da tikiti za ta nuna masa. Can za a duba sharuɗɗan tikitinsa. Wani ana canza masa rana a biya tara da cikon kuɗi, wani mai arha ya ƙone ke nan, sai sabo. Abin da mutane ba su sani ba, in akwai sauran tafiya a kan tikitin, galibi ita ma sokewa take yi. Shi naka dawowa yake yi, babu saura, da sauƙi. Wanda ya rasa jirgin tafiya kuwa yana iya rasa na dawowa tare.

Kuma kada ka sa ta ce "wannan agogon Dubai ne" nan take kamar ta san komai. Ba ta taɓa ganin takardar ba. Za ta juya ta, ta nemi tambarin kamfani ba ta gani ba, ta ce "Yallaɓai, wannan ba daga wurinmu ta fito ba, wa ya ba ka?" Ni haka nake tambaya. Daga nan sai ka ga mutum ya yi shiru, yana tuno fuskar wanda ya miƙa masa.

Sarkin_Barci: Sakatare ya shiga uku.

UmmuHanan: Ni ban ga laifinsa ba, abin da kwamfuta ta ba shi ya buga. Oga ne ya ga 14:20 a waya ya ƙi yarda.

Ɗan_Hanya77: Aikinsa ne ya haɗa da tikitin asali a bayan takardar. Laifinsa ne.

Malam_Nazari: In kuna wannan gardamar bayan kun karanta, labarin ya yi aikinsa, kada marubuci ya raba muku. Amma har yanzu ban ji an amsa min ba, kanta ko direba?

Alƙalamin_Dare: Ban yanke ba, Malam. Zan rubuta duka biyun in kawo. Ga dai sabon wurin kantar, ku gani ko ya zauna:

"Ta juya takardar, ta duba bayanta, ta sake juyo ta. 'Yallaɓai, wa ya ba ka wannan?' Bai amsa ba. Idonsa ya sauka a saman shafin, can kusurwar da babban yatsansa ya saba rufewa duk lokacin da ya ware ta. Da ƙananan baƙaƙe, an rubuta GMT+4."

Baƙin_Allo: Ya zauna. Sai dai ninki huɗu ka ce a farko, ka tabbata kusurwar ba ta faɗa cikin layin da ya cinye ba, in ba haka ba ba zai iya karanta ta ba.

Gimbiyar_Zango: Ka bar masa kwat ɗin a hannu, kada ya sa. Wanda ya zo da niyyar zaman awa uku a ciki ya riga ya cire tun a ƙofa.